Ranar da Malam Tomas Ya Gabatar da Mai Rijiyoyi

Na yi aiki da Malam Tomas a wata kwaleji a Arlit tun ina sabon malami, ni ina koyar da lissafi, shi tarihi da labarin ƙasa. Mutumin Maradi ne, daga wani ƙauye kusa da Tsibiri, ɗan wani mai wa'azin coci da ya rasu ya bar masa Littafi Mai Tsarki da murya. A aikinmu muryar ce ta fi yi masa rana. Gajere ne, mai ɗan tumbi, ga riga mai gajeren hannu da kullum aljihunta ke fari da alli. An turo shi nan lokacin da yuraniyom ɗin da ake haƙowa a garin ke da daraja, motocin kamfani suna cika maƙil da ma'aikata safe da yamma, kantin Turawa har tuffa ake samu. Ya zo da matarsa Liya da niyyar ya ɗan taɓa aiki ya koma kudu, sai ga shi furfura ta same shi a nan. Ran Lahadi yana jagorancin waƙa a 'yar cocinsu da ba ta fi ajinmu girma ba, ni kuwa in tsokane shi in ce har masallaci ana jin sa, liman ya fara kishi.

Yara suna kiransa Mushe Tomas, wato Malam Tomas a Faransancinsu, kamar yadda suke kiran kowane malamin lakwal, makarantar boko ke nan. A aji malami ne kamar kowa, har na san waɗanda suka fi shi. Inda babu mai kama ƙafarsa shi ne idan an yi baƙo mai jawabi. Direktanmu yana son gayyato mutane su yi wa yara magana, likita ne, injiniya ne, alƙali ne, amma idan ya tashi gabatar da su da kansa sai ya ɗauko takarda ya yi ta jero digirori da Faransanci mai nauyi, an yi karatu a birni kaza, an riƙe muƙami kaza, har yara su fara jifan juna da ƙwallon dabino. Kafin baƙon ya buɗe baki an riga an kashe masa taro. Da abin ya ishi kowa, har shi direktan, aka miƙa wa Tomas aikin.

Tomas ba ya gabatar da mutumin da bai sha shayi da shi ba. Ana gobe jawabi zai je ya same shi, ya tambaye shi yadda ake faɗin sunansa, ya maimaita har ya zauna masa a baki, sannan ya bar zancen takardu ya koma na ƙuruciya. Abu ɗaya yake nema, wanda ɗan shekara goma sha uku zai iya gani da idonsa. Da muka yi baƙon likitan haƙori, Tomas bai ce komai kan jami'a ba, tambaya ya yi: wa ya taɓa kwana yana kuka da haƙori? Hannuwa suka tashi, aka yi dariya, ya ce to ga wanda ya san abin da ke cin ku. Yakan fara da Faransanci mai sauƙi don direkta ya huta, ya zarce da Hausa, domin ita ce ɗan Bahaushe da ɗan Ba'abzine da ɗan Bafillace duk suke ciniki da ita a kasuwa. Ba ya daɗewa, ba ya cinye wa baƙo jawabinsa, sunan mutum kuma sai a ƙarshe yake sakinsa, a yi tafi, ya ja da baya ya zauna. Kuma yana da doka ɗaya da yake yi mana wa'azi da ita har ta gundure mu: duk abin da baƙo ya faɗa maka a bakin shayi nasa ne, ba ka kai shi gaban taro sai ya ce ka kai.

Wannan dokar ce ya karya sau ɗaya a rayuwarsa, kuma ba shi ya biya ba.

A farkon shekarun casa'in garin ya riga ya lalace. Farashin yuraniyom ya faɗi, an sallami ma'aikata, gidajen kamfani da yawa an kulle su, motocin da ke cika suna wucewa da kujeru fanko. Farin da aka yi a baya ya kore makiyaya daga daji, suka zube a Bukoki, unguwar da ke bayan gari, ba raƙumi ba akuya. Sannan tawaye ya ɓarke a duwatsun Abzin. Hanyar Agadas sai da rakiyar masu bindiga. Duk namiji mai rawani ya zama abin kallo, a kasuwa a rage murya idan ya wuce. A kwalejinmu akwai 'ya'yan ma'aikata, da 'ya'yan waɗanda aka sallama, da 'ya'yan masu kaki, da 'ya'yan Abzinawa, kuma babu wanda ya raba musu benci, su suka raba kansu. Maganar da aka yi a filin makaranta da safe, kafin la'asar ta shiga kowane gida a garin, har gidajen da ba ka so ta shiga.

A irin wannan lokacin ne malamin kimiyya ya roƙi a gayyato Almustafa ya yi wa yara bayani kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Almustafa Ba'abzine ne, injiniyan ruwa, yana aiki da wani shirin gyaran rijiyoyin makiyaya wanda rashin tsaro ya tsayar, saboda haka yana zaune a gari ba abin yi. Direkta ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya yarda, don babu wani baƙon da zai hau hanya ya zo mana daga kudu.

Na raka Tomas gidan Almustafa bayan la'asar. Dogon mutum ne, siriri, mai magana a hankali, Hausarsa tana da daɗi ko da yake wani lokaci yakan mai da mace namiji. Matarsa Dassin ta shimfiɗa mana tabarma, shi ya haɗa shayin da kansa. Tomas ya yi ta jansa da hira har ya kai shi ga babban farin shekarun saba'in. Almustafa ya ce a lokacin yana yaro, dabbobinsu suka ƙare, mahaifinsa ya kwanta, shi ne ya ja mahaifiyarsa da ƙannensa daga rijiya zuwa rijiya. Da yake shi ne mara nauyi, shi ake ɗaura wa igiya a zura, ya tona gindin rijiya da hannu ko zai taɓa danshi. Ƙanwarsa ɗaya ba ta kai gari ba. Tun daga nan, ya ce, ya ƙudura sai ya san inda ruwa yake zuwa idan ya gudu. Aikinsa kuma ya kai shi kowane lungu, har rijiyoyin cikin dutse da ba a zana a taswira ba, waɗanda tsofaffi kaɗai suka sani.

Na ga idon Tomas yana ƙyalli, ya samu abin da ya zo nema. Ya ce, "Malam Almustafa, mi zan faɗa, mi zan bari?"

Almustafa ya ɗaga buta sama ya zuba shayi, ya ce, "Labarin fari, faɗa musu, ba abin kunya ba ne. Amma zancen rijiyoyin dutse, Mushe, ka san zamani. Waɗanda ke kan dutse ruwa suna sha. Waɗanda ke neman su kuma sun san da haka. Mutum wanda ya san rijiya, yanzu kowa yana son shi, kuma ba son alheri ba."

"Na gane," in ji Tomas. "Wanga zance ya tsaya nan bisa tabarma."

A hanyar komawa ya sake maimaita min, kamar ni ne zan yi gabatarwar. Ya ce zai fara da famfo, ya bi da yaron da ake zurawa cikin rijiya, ya tsaya nan. Ya san sarai cewa kalma ɗaya fiye da haka tana iya sa a zo a ɗauki mutumin.

Da safe yara suka fito da bencuna fili, aka jera su a inuwar bangon azuzuwa. Aka ajiye tebur da gorar ruwa. Almustafa ya iso da rawaninsa shuɗi da wani kwali a hannu. Bai kai ga kujera ba wani daga baya ya yi ƙarar bindiga da baki. Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Ɗan tawaye!" wasu suka amsa, aka fara buga benci. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin yaran nan ba su ƙirƙiro kalmar ba, a gida suka ji ta, daga bakin manyan da ke gaisawa da Almustafa a hanya. 'Ya'yan Abzinawa suka sunkuyar da kai, manyan cikinsu suka fara tattara littattafai za su fice. Direkta ya miƙe yana ta "Silans! Silans!", wai a yi shiru, ko kallonsa ba a yi ba. Almustafa yana tsaye da kwalinsa, bai zauna ba, bai tafi ba.

Tomas ya fito tsakiya. Bai yi tsawa ba, bai ma tsaya Faransanci ba. Ya ce, "Wa ya sha ruwa yau da safe?"

'Yan gaba suka ɗaga hannu.

"Daga ina?"

"Famfo!"

"Famfo shi kuma daga ina? Kun taɓa ganin gulbi a Arlit? Kun taɓa ganin tabki?"

A wata ranar wannan ya isa. Ran nan 'yan baya ba su daina ba. Sai ya shiga labarin fari, ya ce akwai wani yaro kamar ku, wanda aka ɗaura wa igiya a ƙugu, aka zura shi cikin rami mai duhu, uwarsa tana sama tana jira, ƙannensa leɓunansu sun tsage. Hayaniyar ta ragu, amma ba ta mutu ba. Wani ƙato daga aji na ƙarshe ya ce da ƙarfi, "To mu ina ruwanmu da Buzu?" aka sake dariya, yaran da ke shirin fita suka kama hanyar ƙofa.

Ina kallon fuskar Tomas a lokacin. Taron yana kuɓuce masa, abin da bai taɓa faruwa ba, baƙonsa kuma ana wulaƙanta shi a gabansa. Ban san wanne ya fi cin sa ba, kuma ba na jin shi ma ya sani. Ya ɗaga murya, irin wadda yake waƙa da ita ran Lahadi.

"Ina ruwanka? Kai, da za a aje ka bayan garin ga, kafin rana ta faɗi ka mutu da ƙishi. Wanga mutum da kuke ma dariya, babu rijiyar da bai sani ba daga nan har iyakar Aljeriya. Ta kan hanya ya san ta. Ta cikin dutse ya san ta. Wadda ke cikin taswira ya sani, wadda babu ta cikin taswira," ya ɗan dakata, "ita ma ya sani. Ku ɗaure mishi ido, ku aje shi tsakiyar hamada, zai kai ku ga ruwa."

Fili ya yi tsit. Waɗanda suka kai ƙofa suka juyo.

"Yaron da anka zura cikin rijiya ya girma, ya yi karatu, yau ya zo ya gwada muku inda ruwan da kunka sha ya kwana. In kun kasa kunne, za ku koma gida da abin da iyayenku ba su sani ba. Ga Injiniya Almustafa."

Tafin da aka yi ban taɓa jin irinsa a filin nan ba. Gaskiya ita ce gabatarwa mafi kyau da Tomas ya taɓa yi, kuma ina jin haushin faɗin haka. Ya dawo ya zauna kusa da ni yana haki. Almustafa ya dube shi sau ɗaya, ya buɗe kwalinsa. Ya fito da kwalba mai faɗin baki, ya zuba laka a ƙasa, tsakuwa a kai, yashi a sama, ya tsiyaya ruwa, yara suka ga ya ratsa yashi ya shige tsakanin tsakuwa ya tsaya a kan laka. Ya ce haka ruwan Arlit yake, ba kogi ba ne a ƙarƙashin ƙasa, ruwa ne da ya maƙale cikin dutse mai ƙofofi tun zamanin da ake ruwan sama a nan, kuma wanda ake ja yanzu ba ya dawowa da sauri. Suka yi ta tambaya har rana ta cinye inuwar, ƙaton nan na baya ma ya tambayi ko zai ƙare. Duk tsawon lokacin Tomas bai ɗaga kai ba. Da na yaba masa na ce ya yi ƙoƙari, sai ya ce min a hankali, "Zayyadu, na faɗa." Na ce yara ne, za su manta. Ni kaina ban yarda da abin da na ce ba, domin duk aikinsa shi ne ya faɗi abin da yara ba za su manta ba.

Da aka tashi ya bi Almustafa har bakin ƙofa yana neman magana. Almustafa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sun saurara, Mushe. Na gode." Ya tafi da kwalinsa.

Kafin mako ya zagayo na ji yara a kasuwa suna wasa, sun ɗaure wa ɗaya ido da tsumma suna juya shi, wai ya kai su ga ruwa.

Ba a daɗe ba aka shiga kamen Abzinawa a garin, malamai, direbobi, 'yan kasuwa, duk wanda aka ga dama. Almustafa da rana tsaka aka ɗauke shi, a gaban mai sayar da gawayi. Na yi ta gaya wa Tomas cewa mutane da yawa aka kama waɗanda babu wanda ya taɓa gabatar da su a ko'ina, ko bai buɗe baki ba da an zo. Zai ce, "Wataƙila." Ya so ya je inda ake tsare da Almustafa ya yi bayani cewa zuzutawa ce kawai ta malami, direkta ya ce idan ya kuskura ya ambaci sunan makaranta a can, ya nemi wani wurin aiki. Ya je duk da haka, aka bar shi a rana a bakin ƙofa har ya gaji ya dawo. Liya ta riƙa kai wa Dassin gero da abin miya. Dassin tana karɓa tana godiya, tana cewa a gaida Mushe, mijinta ya ce ba a taɓa karrama shi kamar ran nan ba. Liya ta roƙe ni kada in bari wannan saƙon ya kai kunnen Tomas, amma ya kai.

Ya rame, rigar nan ta yi masa yawa. Ya daina jagorancin waƙa, ya ce maƙogwaro ke damunsa. Na tausaya masa ƙwarai, kuma wani lokaci ina jin haushinsa, don ya hana kowa ya rage masa nauyin.

Bayan watanni aka fara sakin mutane. Almustafa ya dawo, muka ji kuma zai kwashe iyalinsa ya bar garin. Ni da Tomas muka same shi a tasha da hantsi, ana ɗora kayansu a kan wata babbar mota mai zuwa arewa. Da ƙyar na gane shi. Ya tsufa, yana jan ƙafa ɗaya, idan ana magana sai ya juyo da kunnen dama. Muka gaisa, muka yi masa barka. Tomas ya daure ya yi tambayar da ta hana shi sukuni.

"Malam Almustafa, don Allah gaya mini gaskiya. Maganata ce?"

Almustafa ya daɗe yana kallon masu ɗaure kaya. Ya ce, "Ban sani ba ko ita ya sa suka zo. Wallahi ban sani ba. Amma da suka zaunar da ni, wanda yake tambaya ya ce, kai ne wanda ya san ta kan hanya, ya san ta cikin dutse? Wadda ke cikin taswira ka sani, wadda babu ta cikin taswira..." Ya dakata daidai inda Tomas ya dakata ran nan. "Har wurin da ka yi shiru, shi ma ya yi shiru. Ɗansa ya kawo mishi ita duka, ba abin da ya faɗi a hanya. Kullum da ita suke farawa. Sun ɗaure mini ido kuma, sun ce in kai su."

Tomas ya riƙe ƙarfen motar. Ya ce, "Ka gafarta mini. Ka ce in bari, ban bari ba."

"Na yafe tun ina ciki," in ji Almustafa. "Mutum yana da lokaci a can. Kuma ran nan, da ka yi shiru, da na koma gida da kwalina, yaranmu sun fita ba su dawo lakwal ba. Wannan ma na yi tunaninshi." Ya gyara rawani. "Amma da na san kuɗinshi, Mushe, da na zaɓi dariyar."

Yaron mota ya buga ƙarfe, Dassin ta kira shi daga sama, aka kama hannunsa aka ja shi ya hau. Ba mu sake jin labarinsa ba.

Tomas ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya, ya koma Maradi, a can ya rasu. Ɗaliban da suka zo daga baya sun san shi a matsayin wani tsoho mai rubutu a allo ya ce a kwafa. Bayan tafiyar Almustafa, baƙo na farko da muka yi wani jami'in gandun daji ne da ya zo magana kan sare itace. Direkta ya dubi Tomas kamar yadda aka saba. Tomas ya miƙe, ya faɗi sunan mutumin da muƙaminsa da Faransanci, ya zauna. Yara suka ci gaba da surutunsu, baƙon yana ta fama da muryarsa, ba mai sauraro. Na zungure shi na ce, haba Malam, tashi ka kama masa su, ka san kalma biyu ta ishe ka.

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Bar su, Zayyadu. Abin da ba su ji ba, ba su kai shi gida."